Yadda Ake Tsara Rukunan Kalmomi Don Masu Koyon Karatun Hausa a Aji Ɗaya

Shekarar da aka fara ba ni aji ɗaya, ranar da na koyar da harafin k, na juya ga allo na rubuta kalmomi shida: kaza, kifi, kwano, kyanwa, kujera, karkanda. Duka da k suka fara, don haka a ganina na haɗa rukuni mai kyau. Na karanta, yara suka maimaita da ƙarfi har ajin da ke maƙwabtaka da mu suna ji. Washegari na kira su ɗaya bayan ɗaya, ina nuna kalmomin ba bisa jerin jiya ba, sai ga shi babu yaro ɗaya da ya iya karanta ko guda. Laifin ba nasu ba ne. Ban koya musu z ba, ban koya musu f ko j ba, ba su san cewa k da w kan haɗu su ba da sauti ɗaya ba. Abin da suka yi jiya hadda ce irin ta waƙa.

Daga nan na ɗauki ƙa'idar da duk wannan jagora ta ginu a kanta: kalma ba ta shiga rukuni sai yaro ya riga ya san kowane harafi da ke cikinta da kuma irin gaɓoɓinta, in ban da abu ɗaya tak, wato sabon abin da aka haɗa rukunin dominsa. Matakin karatun kalma ba ya danganta da ko yaro ya san ma'anarta. Kyanwa tana gidansu, kullum yana ganinta, amma rubutacciyar kalmar tana da wahala biyu, ky a farko da n da ta rufe gaɓa. Nisa kuwa ba abu ne da ake taɓawa ba, amma yaron da ya san haruffa huɗu zai karanta ta.

Fara da jerin haruffa, kafin ka nemi kalma ko ɗaya

Tunda kowane rukuni ya dogara da abin da aka koyar kafinsa, aikin farko shi ne yanke shawarar wane harafi zai riga wane. Kada ka bi jerin abacada. In ka fara da a, b, ɓ, c, d, ɗ, za ka kwashe makonni da kalmomi 'yan kaɗan, kuma ka tara wa yaro b da ɓ da d da ɗ a lokaci ɗaya, haruffa huɗun da suka fi kama da juna a duk rubutun boko. Haka kuma kada ka ɗauko jerin s, a, t, i, p, n da ake fara koyar da sautukan Ingilishi da shi. An zaɓi wannan jeri ne don yana samar da gajerun kalmomin Ingilishi masu yawa. Hausa ba ta ma da p a cikin baƙaƙenta, kuma kalmominta ba irin wancan gini gare su ba.

Abubuwa uku nake dubawa. Na farko, harafin da ya fi yawan fitowa shi ke gaba, kuma duk wanda ya ƙirga haruffan shafi ɗaya na Hausa zai ga a ta yi wa saura nisa. Na biyu, baƙaƙen da ake iya jan sautinsu, kamar m da s da n, sun fi sauƙin haɗawa da wasali, domin yaro zai iya riƙe mmm har ya zame cikin a ba tare da ya yanke numfashi ba. Na uku, a raba haruffa masu kama da juna da tazarar makonni: m da n, n da u, b da d.

Jerin da nake aiki da shi ke nan, haruffa biyu a mako: a, m, k, s, i, n, sannan t, r, u, d, sannan g, w, y, sannan e, o, sannan b, l, daga ƙarshe z, j, f, h, c. Haruffa 22 ke nan, wasula 5 da baƙaƙe 17. Masu ƙugiya da tagwaye suna zuwa daga baya. Wani malamin zai iya sauya wurin wasu, ba laifi. In makarantarku tana da littafin da take bi, ɗauki jerin littafin. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a sauya jeri bayan an haɗa rukunan, domin duk za su rushe.

Matakin farko, daki-daki

A nan zan daɗe, domin wanda ya iya haɗa rukunin farko ya iya sauran. Hausa da gaɓa ake karanta ta, kuma gaɓar da ta fi yawa ita ce baƙi da wasali, wadda ake kira buɗaɗɗiyar gaɓa. Yaron da ya zauna a makarantar allo ya san wannan hanya, daga babbaƙu zuwa farfaru. To haruffa shida na farko sun ƙunshi baƙaƙe huɗu da wasula biyu, suna ba da gaɓoɓi takwas: ma, mi, ka, ki, sa, si, na, ni.

Ɗauki takarda ka ja layuka. Rubuta gaɓoɓin takwas a gefen hagu daga sama zuwa ƙasa, ka sake rubuta su a sama daga hagu zuwa dama. Kowane gida a cikin jadawalin haɗuwar gaɓa biyu ce, gidaje 64 ke nan. Bi su ɗaya bayan ɗaya kana furtawa a fili, kana zagaye duk wadda kalma ce ta gaske. Aikin minti goma sha biyar ne, kuma ya fi zama kana jiran kalmomi su faɗo maka a ka, domin ƙwaƙwalwar babba kullum tana miƙo kalmomin da ke da harafin da ba a koyar ba.

Ni na samu 28. Amma ba duka ke shiga hannun yaro ba, sai an tace. Na ware 12 waɗanda ake iya nunawa, ko a zana, ko a kwaikwaya a gaban aji: mama, kaka, masa, nama, sama, maki, kama, saka, nisa, kasa, Sani, Nana. Waɗannan su ne ainihin rukunin. Na ware wasu 11 da ba su da hoto amma jimla ba ta tsayuwa sai da su: maka, mana, mani, mini, miki, kana, kina, kika, naka, naki, nasa. Su a cikin jimla kawai nake sa su. Biyar na ajiye gefe. Kisa ba kalmar da nake so ɗan shekara shida ya fara karatu da ita ba ce, saki ma haka. Sisi kuɗi ne da yaran yanzu ba su taɓa gani ba. Kaki da sami kuwa ba sa tsayawa su kaɗai yaro ya gane abin da ake nufi.

Akwai tarko a cikin jadawalin nan da nake so ka lura da shi. Idonka zai kai kan mika da nika, ka ji kamar kalmomi ne. Miƙa ce da niƙa, masu ƙugiya. Yawan rubutu a waya ba tare da ƙugiya ba ya sa idanunmu sun saba ganinsu haka. Duk kalmar da ke da k, b ko d, furta ta a hankali kafin ka zagaye ta. In maƙogwaro ya ɗaure, ta mataki na uku ce.

Kowace kalma ta samu katinta. Kwalin sabulu ko na taliya ya isa, a yanka kamar tafin hannu. A gaba a rubuta kalmar da manyan baƙi, ita kaɗai, ba hoto. A baya a rubuta abu uku da fensir: lambar mataki, harafin da ya fi zuwa a makare cikin jerinka, da ginin gaɓoɓinta, inda B ke nufin baƙi, W ke nufin wasali. Bayan katin nama zai nuna mataki 1, harafi n, gini BW-BW. Wannan harafi na ƙarshe shi ke faɗa maka ranar da katin zai fito daga jaka. Nama ba ta fitowa a makon m, ko da tana da m, sai ranar n.

Daga nan sai jimla, domin yaro ya ji cewa karatu magana ce. Da haruffa shidan nan ana samun "Mama na kasa nama", da "Nana na kasa masa", da "Sani na sama". Ba su da yawa, amma kowace yaro zai karanta ta da kansa daga farko har ƙarshe, kuma na ga fuskar yaron da ya yi hakan a mako na uku da shigarsa makaranta. In jimla ta matsa tana neman ta ko ya kafin a kai t da y, ana iya koyar da ɗaya ko biyu a dunƙule, a rubuta su a gefen allo. Kada su wuce haka. Rubutun Hausa yana bin furuci sosai, ba ya buƙatar dogon jerin kalmomin hadda.

Kalmomin da ido ke gani ɗaya, kunne ke ji biyu

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Masa ta ci da masa ta "na ba masa" rubutunsu ɗaya. Kasa tana iya zama kasa kaya a faifai, ko kasa ɗaukar kaya, ko macijiya. Gaba za ka haɗu da gari na zama da gari na tuwo, kuka na bishiya da kuka na hawaye, wuya na jiki da wuya ta wahala. Yaro zai iya haɗa haruffan daidai ya furta da tsawon da ba shi kake nufi ba, kuma bai yi kuskure ba.

Kada ka fitar da irin waɗannan daga rukuni, domin sun yi yawa kuma yaro zai rayu da su. Sa musu ɗigo ja a bayan kati. Duk katin da ke da ɗigo, bayan yaro ya karanta, sai ka sa kalmar a jimla da baki, ko ka tambaye shi, "Wace kuka ka karanta?" Amma ranar gabatar da sabon harafi, fara da kalmomin da ba su da ɗigo. Haka batun r yake. Hausa tana da r iri biyu da ake rubutawa da harafi ɗaya, ta ruwa da rana, da kuma mai karkarwa ta tara ta ƙirga. Yaron da Hausa ce harshensa zai gyara da kansa da zarar ya gane kalmar, ba sai an yi masa darasi a kai ba.

Mataki na biyu

Wannan shi ne mafi tsawo a kalanda, amma bayaninsa gajere ne, domin hanyar ba ta sauya ba. Gini yana nan BW-BW, kowane sabon harafi yana samun rukuninsa na kalmomi 8 zuwa 12. Ranar t: tasa, mata, kati, titi, taki. Ranar r: rana, rami, tara, kara. Ranar u: suna, kunu, kura, tuta, Musa. Ranar d: dami, dara, duma, kada. Bayan g da w da y sai ga gida, riga, wuta, ruwa, miya, waya. Da e da o suka shigo, ƙofa ta buɗe: kare, wake, keke, yaro, nono, goro, tuwo, mota, doki.

A kowane rukuni, tabbatar sabon harafin ya fito a farkon wasu kalmomi, ya fito a gaɓa ta biyu ta wasu. In duk kalmomin ranar t da t suka fara, yaro zai daina duban harafin, ya riƙa sa shi da ka. Kuma sa kalmomi biyu da suka bambanta da harafi ɗaya kusa da juna, kamar rama da rami, ko gero da goro, domin su ne ke tilasta masa duba kalma har ƙarshenta.

Wajen tsakiyar matakin nan nake buɗe ƙananan rukunai biyu. Ɗaya na kalmomin da suka fara da wasali, irin su ido, uwa, aku, inda gaɓar farko wasali ne kaɗai a rubuce. Ɗayan na masu gaɓa uku duka buɗaɗɗu: madara, barewa, sabulu, fitila, kujera, cokali, kowace tana jiran ranar da aka kai haruffanta. Yara suna tsoron doguwar kalma, amma kujera ta fi wando sauƙi nesa ba kusa ba. Rufe gaɓa biyu na ƙarshe da yatsa, ka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Malamin da ke koyarwa a ƙasar Sakkwato ko a Nijar ya kula da ranar f. A bakin yaransa fata hwata ce, kifi kihi ne. Kada ka ce musu sun yi kuskure. Faɗa musu haka ake rubuta kalmar da suke cewa hwata, ka ba rukunin f ƙarin kwana biyu, kuma ka nisanta shi da ranar h.

Masu ƙugiya da tagwaye

A mataki na uku rukunin yana sauya kama. Ɓ, ɗ, ƙ da 'y, wadda a Nijar ake rubutawa ƴ, ba a koyar da su su kaɗai, sai a gefen 'yan uwansu marasa ƙugiya. Don haka katunan suna tafiya bibbiyu: baki da baƙi, kura da ƙura, kafa da ƙafa, koko da ƙoƙo, saka da saƙa. Na ɗ kuma fada da faɗa, doki da ɗoki, gada da gaɗa. Na ɓ, tabo da taɓo, bata da ɓata. Sai yaya da 'ya'ya. Kunnen yaro Bahaushe ya riga ya san bambancin tun yana goye, idonsa ne kawai ake horarwa ya ga 'yar ƙugiyar. Nakan ɗaga kati ɗaya in ce, "Wannan tana cin akuya ko tana shiga ido?" Wanda ya duba da kyau shi ke amsawa daidai. Ɗauki harafi ɗaya a mako, kuma sa ƙ a tsakanin ɓ da ɗ don kada su biyo juna.

Mataki na huɗu na haruffa biyu ne masu ba da sauti ɗaya. Fara da sh da ts, kuma sara, shara, tsara sun isa su nuna wa yaro duk abin da ake nufi. Ƙara suka da shuka, shayi, shanu, fushi, tsoro, tsoho, yatsa. Bayan su sai masu w: kwano, kwaɗo, gwani, gwaza, agwagwa, ƙwaro, tare da kana da kwana, gada da gwada, ƙare da ƙware. Sai masu y: gyaɗa, gyale, ƙyale, gara da gyara. A bayan kati, tagwan baƙi B ɗaya ne, don haka kwano BW-BW ce. A gaban kati kuwa, ja ɗan layi a ƙarƙashin haruffan biyu na makon farko, sannan ka daina.

Za ka ga ky tana da rowa. Kalmominta da yaro ya sani, kyau da kyauta da kyanwa, duk suna ɗauke da abin da ba a kai ba tukuna. Kada ka tilasta. Ajiye ky har mataki na biyar, inda tagwan wasali ai da au ke shigowa: kai, mai, rai, naira, laifi, ƙwai, sannan yau, sauro, ƙauye, ɗauka. A ranar da au ta zauna, kyau da kyauta sai su shigo, ky ce kaɗai sabuwa a cikinsu.

Rufaffiyar gaɓa, inda yara suka fi tuntuɓe

Wata yarinya a ajina, mai saurin karatu, na miƙa mata katin wando. Ta duba ta ce, "Wado." Na ce ta sake dubawa. Ta sa yatsa, ta ce, "Wa, na, do. Wanado?" Ta ɗago kai tana kallona. "Malam, wannan ba ta da wasali." Gaskiyarta. Watanni ta yi tana koyon cewa kowane baƙi yana jan wasalinsa, yanzu ga baƙi tsaye shi kaɗai. Ko dai ta tsallake shi, ko ta ƙara masa wasali daga aljihunta. Waɗannan su ne kurakurai biyun da za ka ji a wannan mataki: turmi ta koma tumi ko turumi, iska ta koma isika. Na ce mata, "Kin san ɗauri a allo?" Ta ce ta sani. Na ce to wannan n ɗin ɗaure take. Ta sake dubawa ta ce, "Wan, do."

Saboda haka mataki na shida bai kamata ya zama rukuni ɗaya ba. Raba shi bisa baƙin da ya rufe gaɓar, kuma kafin kalmomi, yi atisayen gaɓa kaɗai: wa, wan, ka, kan, tu, tur. Fara da n: wando, kanti, hanta, gwanda, kyanwa. Ware waɗanda n ta zo kafin k ko g, irin su ganga da tunkiya da kunkuru, a rukuni na daban, domin a nan sautinta yana komawa can baya cikin hanci, kuma yaron da ya dage sai ya furta n irin ta nama zai ji kalmar ta zame masa baƙuwa. Sai m: dambu, tambaya, rumfa. Sai r da l da s: turmi, sarki, ƙarfe, tabarma, takalmi, iska, fuska. Sai waɗanda baƙi ya rufe ƙarshensu: nan, can, mutum, malam, biyar, takwas, tebur.

Baƙi mai ruɓanya shi ma rufaffiyar gaɓa ne, kuma shi ma bibbiyu ake koyar da shi: baba da babba, kuna da kunna, ina da inna, suna da sunna. Ɗan makarantar allo ka ce masa shadda ce, ya gane. A raba kalmar tsakanin tagwayen, bab-ba, kun-na, han-nu. Alhamza ce ta ƙarshe, 'yan kalmomi ne: sa'a, ba'a, sana'a, jama'a, Juma'a.

Akwai wata hanya da rufaffiyar gaɓa ke satar shiga ƙananan matakai, kuma ta kama ni sau da yawa: -n da -r na mallaka. Mota ta mataki na biyu ce, motar ta mataki na shida ce. Gida da gidan haka. Don haka duk jimlar da ka rubuta, bi ta kalma bayan kalma da fensir. Ka ce kana son jimla ta mataki na biyu, hannunka ya rubuta "Motar Musa ta tsaya a ƙofar gida". Motar ta faɗi saboda r. Tsaya ta faɗi saboda ts. Ƙofar ta faɗi sau biyu. Kalmomi uku cikin bakwai sun fi ƙarfin yaro, zai koma zato. Sake ta: "Musa ya zo gida da mota." Labarin bai sauya ba, kuma babu abin da bai sani ba a ciki. Mai kwamfuta zai iya samun taimako daga manhajar Bloom ta ƙungiyar SIL, wadda ake shigar wa haruffan kowane mataki, ta riƙa yi wa duk kalmar da ta fita daga cikinsu alama. Amma haruffa take dubawa, don haka motar za ta wuce ta in an riga an koyar da r. Ginin gaɓa aikin idonka ne. In za ka buga katunan, rubutun Andika yana da a da g irin na rubutun hannu, kuma yana da masu ƙugiya.

Yadda za ka gane rukuni ya yi ko bai yi ba

Daga kowane rukuni ɓoye kashi ɗaya cikin uku. Kada su hau allo, kada aji ya ji su daga bakinka. Ranar gwaji da su za ka gane ko yaro karatu yake ko hadda. Ƙara musu kalmomin bogi uku ko huɗu daga gidajen jadawalin da ba ka zagaye ba, kamar nami, sika, misa, ka faɗa masa tun farko cewa ba su da ma'ana. Kada ka sa mika ko nika a cikinsu, domin zai gyara su zuwa kalmar da ya sani.

Yaro ɗaya a lokaci guda, kati goma, ba amshi. Ma'aunina shi ne takwas cikin goma. Wanda ya kai ya wuce gaba, wanda ya samu biyar zuwa bakwai ya ƙara kwana uku da sababbin katuna na matakin, wanda ya gaza biyar a koma da shi matakin baya. Amma rubuta abin da ya faɗa, ba maki kaɗai ba, domin kuskuren ne ke nuna wurin gyara. Wanda ya ga kama ya ce kaka yana karanta gaɓar farko ne ya yi zaton saura, maganinsa katuna masu farko ɗaya da ƙarshe daban: kama, kaka, kasa, kana. Wanda ya ga mi ya fara jero ma, me, mi a ransa kafin ya iso, jerin waƙa ya haddace, sai a riƙa watsa masa gaɓoɓi ba tsari. Wanda ke kiran sunayen haruffa irin na Ingilishi ya kasa haɗa su, a koma da shi kan sauti, ana jan mmm zuwa a.

Wani lokaci kuma katin ne mai laifi. In yara bakwai cikin goma suka faɗi a kalma ɗaya amma suka karanta 'yan uwanta, juya katin ka duba bayansa. Sau da yawa za ka tarar akwai harafin da ba a kai ba, ko gaɓar da ta rufe, ko kuma kalmar ba a amfani da ita a garin. Haka ta faru da ni da katin taki a ajin da yawancin yaransa 'yan cikin birni ne. Suna haɗa ta da ki daidai, sai su tsaya suna jiran in ce sun yi kuskure, domin abin da ya fito bai yi musu kama da magana ba. Na cire shi daga rukunin t na mayar da tisa a wurinsa, shi kuma na ajiye shi har damina, ranar da za mu yi maganar gona.